Daga allura zuwa ƙwaya: yadda ake yanke shawarar sauya wa mara lafiya antibayotik, da cututtukan da ba a gaggawa a kansu

A asibitocinmu na Jos za ka tarar da mara lafiya ya kwana huɗu ko biyar a gado, ya ci tuwonsa, ya fita ya yi alwala da ƙafarsa, yana hira da masu dubiya, amma har yanzu ana tsira masa seftiriyakson ta jijiya kowace safiya. In ka buɗe foldarsa ba za ka ga dalili ba. An rubuta allurar ranar da aka kwantar da shi, kuma babu wanda ya sake waiwayar ta. A gadon da ke kusa da shi kuma akwai mai sanƙarau wanda ya farfaɗo a kwana na uku, ’yan uwansa sun matsa a sallame shi da ƙwayoyi saboda kuɗi sun ƙare. Na farko ana wahalar da shi a banza, na biyu kuwa in aka biye wa matsin ana iya rasa shi. Wannan jagora ta sababbin likitoci ce da nas-nas da ma’aikatan famasi, amma mai jinya ma zai amfana da ita, domin zai gane abin da likita ke aunawa. Shawarar dai ta likitan da ke duba mara lafiyan ce.

Abin da za a fara warwarewa shi ne zancen cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Ƙwayar cuta ba ta san hanyar da magani ya biyo ba. Abin da ke kashe ta shi ne maganin ya isa inda take, da yawan da ya dace, kuma ya daɗe a wurin gwargwadon bukata. Ana fara wa mai tsananin ciwo da allura ne saboda a wannan halin jini ba ya zuwa hanji sosai, yana amai, ko bai san inda yake ba, kuma ana so magani ya cika jini cikin mintuna. Da zarar waɗannan dalilai sun kau, a yawancin cututtuka allurar ta gama aikinta. Mun saba da wannan tsari a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: ana ba da atesunet ta jijiya aƙalla awa 24, mara lafiya na iya haɗiya sai a koma ƙwayoyin kwana uku, kuma babu wanda ke cewa an rage masa magani.

Barin kanula a hannu, wato ’yar robar da ake sawa a jijiya don ba da magani, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙofa ce a buɗe tsakanin fata da jini. Jijiya tana kumbura, ta yi ja, ta yi tauri, wani lokaci ƙwayar cutar da ke zaune a fata ta bi ta nan ta shiga jini, sai mutum ya kamu da abin da ya fi wanda ya kawo shi muni. Ga kuɗin allura da sirinji da ruwan haɗi da kuɗin gado, waɗanda a nan daga aljihun iyali suke fita. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: allurar da aka rubuta a yi sau uku a rana sau da yawa sau biyu ake samu, don kanula ta toshe da daddare ko ba a sayo maganin ba. Ƙwayar da aka sha a kan lokaci ta fi allurar da ake tsallakewa.

Mataki na farko: sa ranar dubawa tun ranar da aka fara

Ranar da ka rubuta antibayotik na jijiya, rubuta abubuwa uku a gefensa: cutar da kake zargi, ranar da aka fara, da ranar da za a sake dubawa. Ranar dubawa ita ce bayan awa 48, kada ta wuce 72, daga nan kuma kullum a zagayen safe. In za a ɗebi jini ko fitsari ko mugunya don a shuka a ɗakin gwaji a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, a ɗiba kafin allurar farko, domin sakamakon ne zai gaya maka ƙwayar da za ka koma a kwana na uku. Nas da ke ba da maganin tana da hurumin cewa, “Likita, wannan yana ci yana sha, allurar nan za ta ci gaba ne?” Kuma ya kamata a saurare ta, don ita ce ta ga mara lafiyan cikin dare.

Mataki na biyu: jikin ya daidaita?

Kada ka dogara da “ya ji sauƙi” kawai, ko daga bakinsa ko daga bakin mai jinya. Ɗauki takardar awo ka duba awa 24 da suka wuce. Ga babban mutum ana so zafin jiki ya zauna tsakanin digiri 36 da 38, bugun zuciya kada ya wuce 100 a minti, numfashi kada ya wuce 24 a minti, awon jini na sama ya kai 90 ko fiye ba tare da ana tallafa masa da ƙarin ruwa ba, iskar oksijin a yatsa ta kai kashi 90 ko fiye ba da tiyon oksijin a hanci ba, hankalinsa kuma ya dawo yadda iyalinsa suka san shi.

Zafin jiki yana yaudara ta hanya biyu. In ana ba shi farasitamol duk bayan awa shida, ko an yi masa allurar daikulofenak, takarda za ta nuna jiki ya yi sanyi alhali cutar na nan. Duba lokacin da aka auna, ka gwada da lokacin da aka ba da maganin zazzaɓi. Ta ɗaya gefen kuma, tsoho ko mai tamowa yana iya kasancewa cikin haɗari jikinsa da sanyi ƙalau. Zafin da ya sauka ƙasa da 36 a irin waɗannan ba albishir ba ne, kada a ɗora wa sanyin hunturun Jos laifi.

A cikin duk awon nan, numfashi ne aka fi rubutawa da ka. Za ka ga an jera 20, 20, 20 daga sama har ƙasa. Tsaya da agogonka ka ƙirga minti guda cur. Ni na fi yarda da wannan minti ɗaya fiye da gwaje-gwaje da yawa masu tsada. In akwai halin duba fararen ƙwayoyin jini ko CRP, wato gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, abin da ake so a gani shi ne suna sauka, ba sai sun koma daidai ba. CRP yana jinkirin sauka, yana iya ma hawa a kwana biyun farko alhali mutum na warkewa. In babu kuɗin gwajin, wannan ba dalilin ci gaba da allura ba ne.

Mataki na uku: cikin zai karɓi magani?

Tambayi ko ya yi amai cikin awa 24 da suka wuce, ko yana haɗiya ba ya ƙwarewa, ko yana gudawa mai yawa. Alama mafi sauƙi ita ce sauran magungunansa. Mutumin da ke shan maganin hawan jini da farasitamol ta baki, kuma suna zama, hanjinsa na aiki. Wanda aka yi wa tiyatar ciki, misali bayan taifod ta huda hanji, sai hanji ya motsa, ya fitar da iska, an fara ba shi ruwa da kunu sun zauna. Wanda ake ciyarwa ta tiyon hanci ana iya ba shi na ruwa ko a niƙa wasu ƙwayoyin, amma a tambayi famasi tukuna, don ba kowace ƙwaya ake niƙawa ba.

Mataki na huɗu: akwai ƙwayar da za ta yi aikin?

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Magungunan sha ba ɗaya suke ba wajen yawan abin da ke ratsa hanji ya shiga jini. Metironidazol, wanda kowa ya sani da Filajil, kusan dukkansa yake shiga. Haka lebofuloksasin da linezolid. Kotirimoksazol, wato Saftirin, da doksisaikilin da kilindamaisin suna shiga da kusan kashi 90 cikin 100. Sifurofuloksasin kashi 70 zuwa 80 ne, shi ya sa miligiram 400 na jijiya yake daidai da miligiram 500 na sha. Ma’anar wannan ita ce, mutumin da ke cin abinci amma ana rataya masa kwalbar Filajil sau uku a rana, ba a ƙara masa komai ba sai kuɗi da zafin jijiya. Miligiram 400 na sha duk awa takwas zai yi aikin.

Amoksisilin yana shiga da kyau, sefaleksin ma haka. Amma ampisilin na sha bai kai rabi ba, shi ya sa Ampikulos da ake saye a kemis ba madadin allura ba ne a cuta mai nauyi. Sefuroksim na sha kusan rabi ne ke shiga, shi ma sai an sha shi da abinci. Wasu kuma ba su da na sha sam: seftiriyakson, jentamaisin, merofenem. Ga waɗannan ba ɗan’uwan maganin ake nema ba, maganin da zai kashe ƙwayar cutar da ake zargi ake nema.

Ga misalin da ake yawan gani. Mai ciwon huhu ya sami sauƙi da seftiriyakson, sai a sallame shi da sefiksim saboda gidansu ɗaya. Sefiksim ba ya taɓa ƙwayar cutar stafilokokus, kuma yana da rauni a kan numokokus, wadda ita ce ta fi jawo ciwon huhu. Sifurofuloksasin ma ba na numokokus ba ne. Abin da ya dace shi ne amoksisilin giram 1 sau uku a rana, ko amoksisilin mai haɗin kilabulanik miligiram 625 sau uku a rana ga mai ciwon suga ko tsoho ko mai wata cuta a ƙasa. Lebofuloksasin yana aiki a huhu, amma a ƙasarmu ina jan kunne a kansa. Yana danne tarin fuka na ɗan lokaci, mutum ya ji sauƙi, a yi jinkirin gano cutar. Mai tarin da ya wuce mako biyu, yana rama, yana gumin dare, a kai majinarsa gwaji kafin a taɓa wannan magani.

A ciwon ƙoda da ya taso daga mafitsara, in gwaji ya nuna sifurofuloksasin na kashe ƙwayar, miligiram 500 sau biyu a rana har a cika kwana bakwai ya wadatar. Naitirofurantoyin kuwa, ko da takardar gwaji ta ce yana aiki, a mafitsara kaɗai yake taruwa, ba ya isa naman ƙoda ko jini, saboda haka ba a komawa gare shi. Wani lokaci sakamako zai dawo ka ga ƙwayar cutar ta bijire wa duk magungunan sha, sai merofenem ko amikasin kawai. Wannan mutum zai ƙarasa kwanakinsa da allura ko da ya miƙe garau.

Sai abin da ake haɗa maganin da shi. Sifurofuloksasin da lebofuloksasin da doksisaikilin suna manne wa ƙarfe da alli a cikin hanji, su fita ba su shiga jini ba. Maganin ƙarin jini, farin ruwan maganin olsa, zinki, ƙwayar kalshiyam, duk suna yin haka. Ga sifurofuloksasin ƙa’idar ita ce a sha shi awa biyu kafin waɗannan ko awa shida bayansu, kuma kada a kora shi da madara ko nono. Mara lafiyanmu kuwa da zarar ya koma gida, fura da nono da maganin ƙarin jini ne farkon abin da za a tarbe shi da su don ya murmure. In ba ka faɗa da bakinka ba, maganin zai tafi a banza, a zo a ce ƙwaya ba ta aiki. Duba kuma ko mace na da ciki, don ba a ba ta doksisaikilin, ana kuma kauce wa su sifurofuloksasin. Saftirin yana ɗaga fotashiyam a jini, musamman ga mai raunin ƙoda ko mai shan lisinofuril.

Mataki na biyar: ina cutar take, kuma wace ƙwayar cuta ce?

Mutum zai iya cika duk sharuɗɗan da ke sama amma a ce allura ta ci gaba. Dalili ɗaya ne a ƙarƙashin duk cututtukan da ke wannan rukuni: ko dai wurin yana da wuyar shiga ga magani, ko kuma ƙwayar cutar tana ɓuya ta dawo, kuma dawowarta na iya zama ajali.

Sanƙarau shi ne na farko. Akwai shinge tsakanin jini da ruwan ƙwaƙwalwa, sai an cika jini da magani sosai kafin kaɗan ya tsallaka. Shi ya sa ake ba babba seftiriyakson giram 2 duk awa 12, kuma ana ƙarasa kwanakin duka ta jijiya. Na meningokokus kwana bakwai ne, ko da yake a lokacin annoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kwana biyar. Na numokokus kwana 10 zuwa 14. Na listeriya da na ƙwayoyin cutar hanji kwana 21. In ba a gano ƙwayar ba, yawanci ana kaiwa kwana 10 ko fiye. Yayin da mara lafiya ke samun sauƙi shingen yana ƙara rufewa, magani na ƙara wuyar shiga, don haka ranar da ya buɗe ido ya nemi abinci ba ranar sassautawa ba ce. Ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa kuwa makonni yake ɗauka, yawanci shida zuwa takwas, tare da likitocin tiyata.

Na biyu shi ne stafilokokus oriyus a cikin jini. In an shuka jini ta fito, kada a taɓa cewa datti ne daga fata. Tana bin jini ta sauka a bawul ɗin zuciya, a ƙashin baya, a gaɓa, ta yi shiru, ta bayyana bayan makonni. Ana cire kanula ko duk abin da ya zama tushenta, a maimaita shukar jini bayan kwana biyu har ta fito babu komai, a yi hoton zuciya, a ba da kuloksasilin ko sefazolin ta jijiya in gwaji ya nuna suna kashe ta. Mafi ƙaranci kwana 14 ne, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara fitowa tsaf. In ta sauka a wani wuri, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko akwai ƙarfe ko bawul na roba a jiki, mako huɗu zuwa shida.

Na uku shi ne cutar bawul ɗin zuciya, wadda muke gani a matasan da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata musu bawul. Tsarin da aka sani mako huɗu zuwa shida ne ta jijiya. Wani bincike da aka yi a Denmak mai suna POET, a kan mutum 400, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa zaɓaɓɓun marasa lafiya za su iya komawa magungunan sha bayan aƙalla kwana 10 na allura. Amma sai an san ƙwayar cutar da suna, an yi hoton zuciya ta maƙoshi an tabbatar babu ƙurji, ana ba da magunguna biyu tare, ana kuma ganin mutum a asibiti sau biyu ko uku a mako. Inda ba a cika waɗannan ba, ban ga hujjar ɗauko sakamakon a yi aiki da shi ba.

Jarirai ’yan ƙasa da wata ɗaya ma ba a yi musu gaggawa. Cutar jini a jariri kwana bakwai zuwa goma ce ta allura, in ta taɓa ƙwaƙwalwa mako uku. Haka cutar da ke cin nama tana yaɗuwa cikin sa’o’i, wadda wuƙar tiyata ce maganinta na farko, da mai shan maganin ciwon daji wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi ƙasa kuma zazzaɓi ya kama shi da tsanani.

Akwai rukuni na tsakiya da ke bukatar tunani, kuma shi ne ya fi yawa a gadajenmu. Duk inda mugunya ta taru, a ƙirji, a hanta, a ciki, a gaɓa, tambayar farko ita ce ko an fitar da ita. Magani ba ya ratsa mugunya da kyau ko ta wace hanya aka bi. In an zuƙe ta ko an sa tiyo ta fita, zazzaɓi ya sauka, ana iya komawa ƙwaya bayan kwanaki. In ba a fitar ba, ƙara kwanakin allura ɓata lokaci ne kawai.

Ciwon ƙashi shi ne inda ilimi ya fi sauyawa. Da can ana koya mana mako shida na allura babu tambaya. Binciken OVIVA da aka yi a Birtaniya a kan mutum 1,054, aka buga a 2019, ya raba manya masu cutar ƙashi da gaɓa gida biyu, wasu suka ci gaba da allura, wasu suka koma ƙwaya cikin mako na farko. Bayan shekara guda waɗanda magani ya gaza a kansu sun kai kusan kashi 15 cikin 100 a masu allura, kusan kashi 13 a masu ƙwaya. Sai dai an yi wa yawancinsu tiyata an kankare mataccen ƙashi, kuma ƙwararru ne suka zaɓi ƙwayar bisa sakamakon gwaji. Tsawon maganin bai ragu ba, hanyar ce ta sauya. Ga yaro mai sabon ciwon ƙashi wanda ya amsa magani da wuri, kwana uku zuwa biyar na allura sannan ƙwaya har a cika mako uku zuwa huɗu ya zama tsari karɓaɓɓe. Mai sikila kuwa a yi hattara: salmonela na yawan zama sanadi, don haka ƙwayar da ke kashe stafilokokus kaɗai ba za ta wadatar ba.

Mu bi mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka magidanci ne mai shekara 52, yana sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada, an kawo shi a watan Janairu da tari na kwana huɗu, zazzaɓi da ciwon ƙirji ta dama. Zafin jikinsa 39.2, bugun zuciya 118, numfashi 30, awon jini 105 bisa 65, oksijin kashi 88. Yana amai. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu a ƙasan dama, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, sugansa daidai. An ɗebi jini don shuka, aka sa masa oksijin, aka fara seftiriyakson giram 2 sau ɗaya a rana da azitiromaisin miligiram 500. A folda aka rubuta: a duba ranar Laraba.

Ranar Talata, bayan awa 24, amai ya tsaya, ya sha kunu. Azitiromaisin ya koma na sha nan take. Amma numfashinsa 27 ne, in an cire oksijin yana sauka zuwa 89, zafi ya kai 38.4 da daddare. Ciki ya shirya, jiki bai shirya ba, seftiriyakson ya ci gaba.

Ranar Laraba zafi mafi girma cikin awa 24 shi ne 37.6, kuma rabonsa da farasitamol tun jiya da rana. Bugun zuciya 92, numfashi 22 da aka ƙirga da agogo, oksijin kashi 93 ba tiyo, bai sauka ƙasa da 90 ba da aka sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Shukar jini ba ta fitar da komai ba. Da aka ƙwanƙwasa ƙirjinsa babu alamar ruwa ya taru. Babu ko ɗaya daga cututtukan da ke hana sauyi. Aka rubuta amoksisilin giram 1 sau uku a rana, ƙwayar farko ta zo daidai lokacin da allura ta gaba za ta zo, aka cire kanula a ranar. Kwanakin allura suna cikin lissafi: in jimillar kwana bakwai ce, ya yi biyu, saura biyar, ba a fara sabon bakwai. Ciwon huhun da ya amsa magani haka kwana biyar zuwa bakwai ya ishe shi gaba ɗaya. An rubuta ranar tsayawa a takardar sallama.

Ɗansa ya biyo likita waje ya ce, “Likita, don Allah a ƙara wa Baba allurar ko ta kwana biyu, mu za mu nemo kuɗin.” Amsar da ta dace ba faɗa ba ce, bayani ne. “Malam, da allura muka fara don Baba yana amai, numfashi na yi masa wuya. Yanzu cikinsa na karɓar magani, kuma wannan ƙwaya ƙwayar cutar nan take kashewa. Ajiye kuɗinka ka saya masa abinci mai kyau.” Sannan aka koma gefen gado aka gaya wa Baba da kansa: sau uku na nufin duk awa takwas, bayan Asuba, wajen Azahar, da lokacin kwanciya. A sayi maganin duka a famasi mai rajista kafin a bar asibiti, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In zazzaɓi ya dawo, ko numfashi ya ƙaru, ko ya amayar da magani sau biyu a jere, ko ya rikice, a dawo da shi ko tsakar dare ne. Tari da kasala kuwa za su iya kai makonni, wannan ba alamar gazawar magani ba ce. Ba dole ba ne a riƙe irin wannan mutum kwana guda don a ga yadda ƙwaya za ta yi, amma da daga wani ƙauye mai nisa a Bokkos ko Wase ya fito, inda dawowa ke da wuya, ni zan bar shi ya kwana.

Yanzu mu sauya abu ɗaya. A ce ranar Laraba ɗakin gwaji ya aiko cewa jininsa ya fitar da stafilokokus oriyus. Duk awon nan yana nan yadda yake, Baba yana ci yana sha, amma shawarar ta juya gaba ɗaya: babu sallama da amoksisilin, a sauya allura zuwa wadda ta dace da ƙwayar, a maimaita shuka, a yi hoton zuciya, a duba bayansa da gaɓoɓinsa kullum. A nan ne ya kamata a zaunar da iyali tun ranar, a gaya musu adadin kwanakin da kuɗin da za su ci, a haɗa su da ofishin jin ƙai na asibiti in akwai. Iyalin da aka gaya wa “kwana 14” tun farko suna iya shiryawa. Waɗanda kullum ake ce wa “sai mun gani” su ne ke sa hannu su tafi da mara lafiyansu a kwana na biyar.

In zazzaɓi ya dawo bayan an sauya

Hannu yana saurin komawa ga allura, a ce ƙwaya ta gaza. Kafin haka a bincika. Yana shan maganin kuwa, kuma sau nawa? A ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali. Da me yake haɗa shi? A duba tsohon wurin kanula ko ya yi ja ko yana fitar da ruwa. A sake gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ga mai ciwon huhu a sake hoton ƙirji, domin zazzaɓin da ya sauka ya sake tashi tare da ciwon gefe yakan nuna ruwa ko mugunya ta taru a bayan huhu, kuma tiyo take bukata. Ga mai ciwon ƙoda a yi hoton ciki a ga ko dutse ko kumburin furostet ya toshe hanyar fitsari. A koma ɗakin gwaji a karɓo cikakken sakamakon shuka, wanda sau da yawa yakan fito bayan an sallami mutum, babu wanda ya je ya ɗauka. In kuwa jikinsa ya sake rikicewa, awon jini ya faɗi ko numfashi ya hau, a ɗebi sabon jini don shuka, a mayar da shi kan allura nan take, binciken ya biyo baya.